Yadda za ka sauke ƙarin aiki ba tare da ka ɓata da oga ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani. Ogana mutumin kirki ne, amma duk aikin da ya taso ni yake miƙa wa. Yau Talata da yamma ya ce in haɗa masa rahoton kayan da ke sito kafin Juma'a, alhali ga lissafin albashi da na ƙarshen wata a kaina. Na ce masa "to" don kunya. Yaya zan nuna masa ba zan iya ba, ba tare da na ɓata tsakaninmu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka shiga ofishinsa da niyyar ce masa ba za ka yi ba. Rarraba aiki hurumin shugaba ne, kuma matuƙar aikin bai saɓa wa doka ba, yana kuma da alaƙa da abin da aka ɗauke ka ka yi, ƙin yinsa kai tsaye a yawancin wuraren aiki bijire wa umarni ne, a kansa ake ba mutum takardar tuhuma. Abin da ke hannunka, wanda ba mai iya musa maka, shi ne awoyin da suka rage a makon. Don haka maganar da za ka kai masa ta lissafi ce: ga ayyukan da ke gabana, ga lokacin da nake da shi, ba za su shiga duka ba, wanne kake so a sa gaba? Idan ka yi haka shi zai sauke maka wani abu da bakinsa, kuma zai tashi yana jin cewa shi ya yanke hukunci. Ai kuwa shi ɗin ne ya yanke.

Akwai abin da mu da muke kula da harkokin ma'aikata muke gani kullum, wanda na ƙasa ba su cika yarda da shi ba: mafi yawan shugabanni ba su san nauyin da ke kan na ƙasa da su ba. Ogan nan naka ya ba ka aikin albashi tun tuni har ya manta da shi, don bai taɓa makara ba. Abin da ke ransa yau shi ne rahoton sito, watakila saboda na sama da shi ya tambaye shi. Duk lokacin da ka ce "to" ka kwana a ofis ka gama, abin da ya fahimta shi ne akwai sauran fili a wurinka. Bai ga daren da ka raba ba, rahoton kawai ya gani a kan teburinsa.

To mu zauna mu yi lissafin, don shi ne ƙashin bayan maganar. Zan ƙaddara wasu alƙaluma, kai ka musanya su da naka na gaskiya. Daga Laraba zuwa Juma'a kwana 3 ne, a awa 8 kowace rana, awa 24 ke nan a takarda. Amma ba wanda yake samun awa 8 cur yana aiki ɗaya. Akwai taro, akwai waya, akwai mai leƙowa ya ce a duba masa takardar biyansa. Cire awa 2 a kowace rana, saura 18. Mu ce lissafin albashi yana cin awa 9, kuma dole ya isa banki ranar Alhamis da azahar. Daidaita asusun ƙarshen wata yana cin awa 7, ana jiransa Juma'a. Sun zama 16. Ragowar da kake da ita awa 2 ce. Idan cikakken rahoton sito zai ci awa 7, to akwai giɓin awa 5. Wannan lambar, 5, ita za ka kai masa. "Aiki ya yi mini yawa" kowa yana faɗa, har wanda ya yini yana latsa waya. "Awa 5 ba su da wurin shiga" magana ce da za a iya dubawa a gaskata ko a ƙaryata.

Wurin da mutane ke faɗuwa a lissafin nan shi ne ƙiyasin tsawon aiki. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun bayyana tun 1979 cewa mutum yakan rage wa aikin da ke gabansa lokaci idan yana ƙiyasi, ko da ya sha yin irinsa a baya ya ga yadda ya ja. Dalili shi ne mukan hango aikin yana tafiya sumul, mu manta da mai kula da sito da ba zai ɗaga waya ba, da adadin da zai ƙi daidaita sai an koma rasit ɗaya bayan ɗaya. Maganinsa kada ka tambayi kanka awa nawa ya kamata aikin ya ci. Tuna awa nawa ya ci wancan karon da ka yi irinsa, ka rubuta wannan. Idan ba ka taɓa yi ba, tambayi wanda ya taɓa, ko ka ƙara rabin abin da ka ƙiyasta a kai. Sai dai kada ka kumbura alƙaluman da gangan don ka tsira. Ogan da ya taso daga kujerar da kake kai ya san tsawon lissafin albashi, kuma ranar da ya kama ka da ƙari, duk lissafin da za ka kawo nan gaba ya zama abin zargi.

Kafin ka buɗe takardar lissafinka a gabansa, yi masa tambaya biyu. Me za a yi da rahoton, kuma Juma'ar nan daga ina ta fito? Na fi ba wannan matakin muhimmanci a kan duk wata daɗin baki, domin sau da yawa a nan matsalar ke mutuwa. Zai iya yiwuwa abin da yake buƙata jimillar kuɗin kayan da ke sito ne da jerin kaya goma da suka fi tsada, don ya faɗa a taron shugabanni ranar Litinin. Wannan shafi ɗaya ne, aikin awa 2, kuma awa 2 ɗin kana da su. Kai kuwa da ka ji kalmar rahoto sai ka hango shafi ashirin da jadawali kala-kala. Haka shi ma wa'adin: wani lokaci Juma'a ranar da masu binciken kuɗi za su zo ce, ba ta motsi, wani lokaci kuma oga ya faɗi Juma'a ne kawai don ita ta zo bakinsa. Ba za ka sani ba sai ka tambaya, kuma tambayar ba rashin kunya ba ce, alama ce ta wanda ya ɗauki aikin da muhimmanci.

Tun da ka riga ka amsa masa, gobe Laraba da sassafe za ka koma, kada ka bari rana ta yi. Gyaran magana ranar Laraba da safe tsari ne. Irin wannan maganar ranar Juma'a da la'asar kuwa saɓa alkawari ce, kuma a lokacin ba shi da damar neman wani. Ka same shi shi kaɗai. Shugaban da aka ce wa "ba zai yiwu ba" a gaban na ƙasa da shi yakan kafe, ko da ya ga gaskiyar mai maganar, don kada a ce an juya shi. Ga kusan yadda zancen zai tafi:

"Ranka ya daɗe, game da rahoton sito na jiya. Na zauna na duba abin da ke gabana kafin Juma'a, na ga gara in zo tun yanzu. Albashi zai tafi banki gobe da azahar, daidaita asusu kuma Juma'a. Idan na haɗa su, abin da ya rage mini kamar awa biyu ne, cikakken rahoton kuma zai ci kamar bakwai. Zan iya kawo maka taƙaitaccensa ranar Juma'a da safe, jimilla da manyan kaya, cikakken ya biyo baya ranar Talata. Ko kuma, idan cikakken ake so Juma'a, in yi shi, daidaita asusun ya koma Litinin. Wanne ya fi maka?"

Daga nan ka yi shiru. Shirun nan yana da wuya, na sani, amma kada ka cike shi da "in dai ba damuwa" ko "amma in ya zama dole zan san yadda zan yi". Da ka faɗi haka ka rushe duk abin da ka gina, domin ka nuna masa hanya ta uku, wato ka kwana a ofis, kuma ita ce ta fi masa sauƙi.

Duba abin da ke cikin maganar. Ba ka sa albashi cikin abin da za a ɗaga ba, saboda ka san ba ya ɗaguwa, kuma kawo zaɓin da ka san ba zai yiwu ba wasa da hankali ne. Zaɓi biyu ka kawo, kowanne da ranarsa, kowanne kuma za ka iya cika shi. Ba ka ce "ba aikina ba ne" ba, ko da kuwa gaskiya rahoton na mutanen sito ne. Wannan jumlar ta fi kowace saurin ɓata zumunci a ofis, domin tana mayar da zancen daga yadda za a yi aiki zuwa waye ya isa da waye. Idan kana ganin wani ya fi dacewa da aikin, akwai yadda ake faɗa: "Alƙaluman suna hannun mai kula da sito. Idan ya fitar da su a jadawali, ni zan duba in daidaita su da littafinmu cikin awa ɗaya." Ka ga ka rage wa kanka kaya, ka kuma bar hannunka a cikin aikin. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka ce "ai wane ba ya komai, a ba shi". Ko da gaskiya ne, ka sayi gaba da abokin aiki, ka kuma gaya wa oga a fakaice cewa bai iya rabon aiki ba. Haka kuma kada ka je ka ɗora wa wani aikin da sunan oga kafin shi ogan ya amince.

Ban haƙuri sau ɗaya ya isa, ko ma babu. Mai jera "don Allah ka yi haƙuri, wallahi ba don kaza ba" yana nuna kamar ya yi laifi, kuma wanda ya ɗauki kansa mai laifi da sauƙi ake lanƙwasa shi. Uzurin ƙarya ya fi wannan muni. Idan ka ce yaro ba shi da lafiya alhali lafiyarsa ƙalau, ka kuɓuta yau, amma ba ka gyara komai ba, tun da oga har yanzu yana ganin akwai fili a wurinka, mako mai zuwa kuma sai ka nemo wata ƙaryar. Sannan akwai dabarar da mutanenmu masu kawaici suka fi so, wato a ce "to, zan duba" a yi shiru, da fatan oga zai manta. Ba ya mantawa. Shi ya ji ka amsa, ya je ya yi wa na sama da shi alkawari a kan amsarka. Ranar da abin ya fashe, kunyar da ka guje wa ta minti biyar ta zama kunyarsa a gaban manyansa, kuma wannan ne abin da shugabanni ba su cika yafewa ba.

Nan gaba idan ya tare ka a hanya da sabon aiki, kada ka amsa a tsaye. Ka ce, "Bari in duba abin da ke kan teburina, zan dawo maka kafin ƙarfe goma." Sa lokaci, kuma ka dawo kafin lokacin. Bambancinsa da "zan duba" ɗin can shi ne ƙarfe goman.

Yanzu mu zo inda abin ke da wuya. Ka kawo lissafi, ya dube ka ya ce, "Duk na gaggawa ne, ka san yadda za ka yi." Kada ka yi musu, kada kuma ka koma gefe kana gunaguni. Ka ce, "To ranka ya daɗe. Zan fara da albashi, sai taƙaitaccen rahoton, sai daidaita asusu. A yadda na lissafa, cikakken rahoton ba zai kammala Juma'a ba, zan sanar da kai inda na kai ranar Alhamis da yamma." Shugaban da ya ƙi zaɓa, ka zaɓa masa a gabansa, ka ba shi damar gyarawa. In bai gyara ba, ya amince ke nan. Da ka koma kujerarka ka tura masa saƙo gajere, layi uku ko huɗu, ta imel ko duk hanyar da kuka saba, mai cewa ga jerin da zan bi kamar yadda muka yi magana, ga ranar kowanne. Shi kaɗai za ka tura wa. Da zarar ka sa na sama da shi a cikin saƙon, ya tashi daga tunatarwa ya zama ƙara, kuma haka zai karanta shi.

Idan kuma ya ce ka tsaya bayan an tashi ko ka zo ranar hutu, wannan wata magana ce daban, kuma amsarta tana cikin takardar ɗaukarka aiki da dokar ƙwadago ta ƙasar da kake. Karanta sashen da ya yi magana a kan awoyin aiki da aikin bayan lokaci: ana biya ne, ana ba da hutu a madadinsa ne, ko an ce albashinka ya haɗa da shi? Ma'aunin da ƙasashe da yawa suka gina dokokinsu a kai ya fito daga Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda yarjejeniyarta ta farko a 1919 ta sa awa 8 a rana da 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu, sannan a 1930 aka yi irinta ga ma'aikatan ofis da kasuwanci. Ba kowace ƙasa ce ta rattaba hannu ba, kuma galibi akan ware masu manyan muƙamai, shi ya sa na ce ka duba takardarka. Ni a ganina tsayawa dare ɗaya a ƙarshen wata, idan da gaske abu ya taso, ba abin ja-in-ja ba ne. Ka yi, ka kuma faɗa a lokacin cewa, "Zan tsaya yau in gama, sai in ɗauki rabin ranar Litinin," don a san bashi ne. Wanda ya zama kullum shi ne abin tsoro. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da ita wannan ƙungiyar suka fitar a 2021 ya nuna masu aikin awa 55 ko fiye a mako sun fi masu yin 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, da haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya na toshewar jijiya da kashi 17. Wannan don kai na faɗa, ba don ka karanta wa oga ba.

Akwai wurin da dabarar zaɓi ba ta aiki, kuma a sashen kuɗi za ka gamu da shi ko ba jima ko ba daɗe. Idan aka ce ka sa hannu a kan adadin da ba ka duba ba, ko ka mayar da kwanan wata baya a takarda, ba zancen awoyi ba ne kuma. Kada ka fake da "ba ni da lokaci", domin za a samo maka lokacin. Ka faɗa a fili cikin ladabi: "Ba zan iya sa hannu ba sai na ga rasit ɗin. In an kawo yau, yau zan duba." Rahoton sito ma yana da wannan fuskar, tun da adadin kayan da ke ajiye yana shiga lissafin dukiyar kamfani. In ka haɗa taƙaitaccen a gurguje daga alƙaluman da aka ba ka, rubuta a samansa cewa daga littafin sito aka ɗauko, ba a ƙirga kayan ba tukuna.

Batun cewa komai kai ake miƙa wa, kada ka haɗa shi da maganar gobe. Gobe rahoto ɗaya za ku warware. Ka bari ƙarshen wata ya wuce, hankali ya kwanta, kafin nan kana rubuta duk wani aikin da ya faɗo maka daga gefe da awoyin da ya ci. Bayan mako uku ko huɗu ka nemi minti goma sha biyar a wurinsa, ka nuna masa: a watan nan ayyukan gefe sun ci, misali, awa 26, sama da kwana uku na aiki ke nan. Sai ka tambaye shi waɗanne yake so su zama naka na dindindin, me kuma za a cire maka a madadinsu, waɗanne za a koya wa wani. Ka yi tayin koyarwar da kanka. A irin wannan zaman ne kuma ake iya ɗago maganar ƙarin matsayi, idan ayyukan da ake ba ka na sama da kujerarka ne. Ka lura da wannan sosai, don ba duk ƙarin aiki ne kaya ba. Wanda zai kai ka gaban shugabanni ko ya koya maka abin da ba ka iya ba, karɓe shi, ka nemi a sauke maka wani. Wanda ake ba ka don kawai kai ne ba ka musu, shi ne na saukewa. Idan kuma sabon ɗauka ne kai, ba a tabbatar da kai ba tukuna, yi ta amfani da tambayar "wanne zan fara?", amma jinkirta wancan babban zaman har ka kafu.

Zumuncin da kake tsoron ɓatawa, abin da zai riƙe shi shi ne Juma'a da safe. Ka ce taƙaitaccen rahoto zai zo, to ya zo kafin ya tambaya, cikakken kuma ya zo Talata kamar yadda ka faɗa. Idan ka ga Talatar za ta kuɓuce, faɗa masa tun Litinin. Sau biyu ko uku ka yi haka, zai fara ɗaukar lissafinka yadda yake ɗaukar "to" ɗinka a da. Za ka gane abin ya zauna idan ya fara tambayarka "me ke gabanka a makon nan?" kafin ya miƙo fayil. Ɗan ɗaurewar fuska na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, ka ci gaba da gaishe shi yadda ka saba, kada ka bi shi da ban haƙuri. Amma idan ka ga an daina kiranka tarukan da ake kiranka a da, ko an kwashe ayyuka masu tsoka an bar maka tarkace, kada ka yi zuru. Ka same shi ka ce kana so ka tabbatar maganar rannan ba ta zo masa a karkace ba, ka kuma ambaci aiki ɗaya takamaimai da kake son ɗauka a wata mai kamawa. In hakan ya ci gaba bayan ka yi wannan, saƙonnin nan gajeru da ka riƙa turawa su ne za ka riƙe a hannu lokacin da za ka je sashen kula da ma'aikata.